Agogon hannunka bugun zuciya yake ƙirgawa, kalorin kuma kintace ne

Kwanaki na ɗaura agogo biyu, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, na hau keken motsa jiki na yi minti arba'in ina zufa, da na sauko sai ɗaya ya ce na ƙona kalori ɗari uku da 'yan kai, ɗayan kuma ya haura ɗari biyar, shi kuma keken kansa da nashi allon ya ba ni wata lamba daban da ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Jiki ɗaya ne fa, zufa ɗaya, lokaci ɗaya. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne wajen bugun zuciya agogunan nan biyu kusan bakinsu ɗaya, bambancin bai wuce bugu biyu ko uku ba, amma da aka zo kan kalori sai kowa ya kama gabansa. To daga nan ne ma maganar take farawa, domin mutane da yawa suna ɗauka tunda agogo ya iya ƙirga bugun zuciya daidai to lissafin kalorinsa ma daidai ne, alhali abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba, ɗaya awo ne ɗaya kintace.

Bari mu fara da yadda ake yi a ɗakin gwaji, don sai ka san mudun da ake awo da shi kafin ka ce wani ya tauye. Jikin mutum ba ya fitar da ƙarfi daga abinci sai da iskar oksijin, kamar dai wuta ce, in ka toshe mata iska ta mutu. Saboda haka in ka san yawan oksijin da mutum ya shaƙa ya riƙe a jikinsa, da yawan kabon dayoksaid da ya fitar, ka san makamashin da ya ƙona. A ƙiyasi mai sauƙi kowace lita ɗaya ta oksijin tana daidai da kalori kusan biyar, in kitse jiki yake ƙonawa abin yana sauka wajen 4.7, in sukari ne yana haura biyar da kaɗan. Tazarar nan ba ta da yawa, shi ya sa hanyar take da ƙarfi, ko ma me jikin ya zaɓa ya ƙona ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

In ka taɓa ganin ana gwajin za ka gane ba wasa ba ne. Tun kafin mutum ya iso an kunna na'urar ta ɗumama, an tura mata iskar da aka san adadin oksijin da kabon dayoksaid da ke cikinta don a daidaita ta, sannan a ɗauko wani ƙaton sirinji mai cin lita uku a yi ta tura iska ana ja don a tabbatar ma'aunin yawan numfashi bai karkace ba. Sai a ɗaura wa mutum takunkumin roba da ya rufe hanci da baki, a ja madaurinsa ta bayan kai har sai ya kama fuska sosai, mai gwajin ya toshe bakin da tafin hannu ya ce hura mu gani, in iska ta zurare ta gefen hanci sai an sake ɗauri, mai gemu kuwa kullum da shi ake fama. Daga takunkumin tiyo ne siriri ya tafi cikin na'ura, kowane numfashi sai an auna shi. Kuma ba a ɗaukar lambar mintunan farko, ana jira mutum ya yi minti uku zuwa biyar a kan gudu ɗaya har shan oksijin ɗinsa ya tsaya wuri ɗaya tukuna. Daga nan a saka lambobin cikin lissafin da wani masani mai suna Weir ya fitar a 1949, wanda har yau shi ake amfani da shi:

```
kcal/min = 3.941 × VO2 + 1.106 × VCO2
```

VO2 shi ne litar oksijin da jiki ya sha a minti ɗaya, VCO2 kuma litar kabon dayoksaid da ya fitar. Shi ke nan. Ba a tambayi shekarunka ba, ba a tambayi nauyinka ba, ba ruwan lissafin da ko kai ɗan wasa ne ko ba ka taɓa gudu ba, hayaƙin wutar ake aunawa kai tsaye.

Sai dai ba za ka bi mutum da takunkumi har sati biyu ba, don haka in ana son sanin abin da mutum yake ƙonawa a rayuwarsa ta yau da kullum akwai wata dabara, ruwa mai alama biyu. Ana ba ka ruwa ka sha wanda a cikinsa akwai wani nau'in haidirojin da wani nau'in oksijin masu ɗan nauyi fiye da na kullum, ba su da illa, sai a riƙa karɓar fitsarinka cikin sati ɗaya zuwa biyu. Haidirojin ɗin ta ruwa kawai yake fita daga jiki, oksijin ɗin kuma yana fita ta ruwa yana kuma fita cikin kabon dayoksaid ta numfashi, to bambancin saurin ɓacewarsu shi ke nuna yawan kabon dayoksaid da ka fitar a tsawon kwanakin. A 1982 aka fara gwada ta a kan mutane. Tana da tsada kuma jimla kawai take bayarwa, ba za ta ce maka ga abin da ka ƙona ranar Talata da yamma ba.

To shi agogo fa me yake da shi? Abu biyu ne manya. Na farko wata 'yar sensa da ke jin motsi, tana jin hannu ya yi gaba ko baya, sama ko ƙasa, da ƙarfin da ya yi. Na biyu koren hasken nan da kake gani yana ƙyaftawa a bayan agogon, yana haska fata, jini yana shanye koren haske, duk bugun zuciya jini yana ƙaruwa a ƙananan jijiyoyi sai hasken da ke dawowa ya ragu, daga wannan hawa da saukar ake ƙirga bugu. Sai kuma abin da kai ka rubuta masa da hannunka ranar da ka saye shi, shekaru, jinsi, tsawo, nauyi. Wasu suna da GPS da ma'aunin hawa tudu. Oksijin ɗin da ka ƙona kam babu inda agogo ya gan shi. Kar kuma ka ruɗe da lambar SpO2 da wasu agogunan ke nunawa, wancan yana faɗin yadda jini ya cika da oksijin ne, ba yawan wanda tsoka ta cinye ba, kana kwance kana gudu lambar kusan ɗaya ce.

Kenan aikin agogo shi ne ya tashi daga bugun zuciya da lilon hannu ya yi tsalle ya faɗa kan oksijin, kuma a cikin tsallen nan ne ake karyewa.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Stanford da ya fito a 2017. Mutum 60 aka ɗauka, mata 31 maza 29, aka gwada na'urori bakwai, Apple Watch, Basis Peak, Fitbit Surge, Microsoft Band, Mio Alpha 2, PulseOn da Samsung Gear S2, mutanen suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke, ana kwatanta bugun zuciya da na ECG, na'urar auna zuciya ta asibiti, kalori kuma da awon numfashi. Wajen bugun zuciya a kan keke shida daga cikin bakwai kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, abin yabo ne wallahi ga abin da ke ɗaure a tsintsiyar hannu. Wajen kalori kuwa wadda ta fi kowa ƙoƙari ta kauce da kusan kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe kuma da kusan kashi 93, babu ko ɗaya da ta sauko ƙasa da kashi 20. Na san wani zai ce ai waɗannan tsofaffin agoguna ne, wasu ma an daina yin su, gaskiya ne, amma a 2020 an tattara rubuce-rubucen bincike 158 a kan na'urorin kamfanoni daban-daban aka duba, sakamakon dai bai canza kama ba, ƙirga taku da bugun zuciya ana samun na kirki, kalori kuma babu kamfanin da aka samu yana bugawa daidai. Kuma in ka lura da inda matsalar take za ka gane me ya sa sabuwar sensa ba ta magance ta, ai a binciken Stanford ɗin bugun zuciyar daidai aka samu, duk da haka kalorin ya kauce. Ba ido ne ya makance ba, fassarar abin da idon ya gani ce ta ɓaci.

Bari in kawo misali da lambobi don abin ya fito fili, misali ne na ƙirƙira amma lambobin irin waɗanda ake gani ne. Maza biyu, kowanne shekara 35, kilo 80, tsawo santimita 175, wato a idon agogo tagwaye ne. Kowanne ya yi rabin awa yana motsa jiki zuciyarsa tana buga 140 a minti. Kamfanoni ba sa bayyana lissafin da suke sakawa cikin agogunansu, sirrin kasuwa ne, amma akwai wani sanannen lissafi da Keytel da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 na fitar da makamashi daga bugun zuciya, zai nuna mana yadda irin wannan tunanin yake aiki. Na maza ga shi:

```
kJ/min = -55.0969 + 0.6309 × HR + 0.1988 × kg + 0.2017 × age
```

Ka saka 140 a wurin HR wato bugu, 80 a wurin kg wato nauyi, 35 a wurin age wato shekaru, za ka samu wajen kilojul 56.2 a minti, ka raba da 4.184 don ya koma kalori, ya zama 13.4 a minti, a rabin awa kenan kalori 403. Dukansu biyu lambar da za a ba su kenan tunda duk abin da lissafin ya tambaya iri ɗaya suka amsa.

Yanzu a ɗaura musu takunkumi. Na farko ya shekara yana gudu, zuciyarsa ta buɗe, kowane bugu yana tura jini mai yawa, tsokarsa kuma ta iya tsotse oksijin daga jinin, a bugu 140 sai aka ga yana shan lita 2.7 a minti yana fitar da 2.4. A lissafin Weir wannan kalori 13.3 ne a minti, rabin awa 399. Agogo ya ce 403, lab wato ɗakin gwaji ya ce 399, mutumin nan zai rantse maka agogonsa ba ya ƙarya kuma a wurinsa gaskiya ya faɗa. Na biyu kuwa satin nan ya fara, ɗan saurin tafiya a kan injin gudu ya isa ya kai zuciyarsa 140 saboda kowane bugu jinin da yake turawa kaɗan ne dole ta yawaita bugawa, shi lita 1.7 yake sha yana fitar da 1.55, wato 8.4 a minti, rabin awa 252. An ce masa 403 alhali 252 ne, an yi masa ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma sensa ba ta yi kuskuren bugu ko ɗaya ba.

Dalilin a taƙaice shi ne oksijin da jiki ke sha ya dogara da abu uku, sau nawa zuciya ta buga, jini nawa take turawa a kowane bugu, da kuma nawa tsoka ta cire daga jinin. Agogo na farkon kawai yake gani, sauran biyun zato yake yi, kuma su ne suka fi bambanta tsakanin mutum da mutum. Abin takaicin shi ne wanda ya fi buƙatar lambar, wato sabon shiga mai son rage ƙiba, shi ne sau da yawa ya fi nisa da matsakaicin mutumin da aka gina lissafin a kansa.

Agogunan yanzu sun san da wannan ramin, shi ya sa suke ƙoƙarin gano ƙarfin jikinka, lambar nan da suke kira VO2max, ta hanyar kwatanta saurin tafiyarka ko gudunka a GPS da bugun zuciyarka, kuma hakan yana taimakawa, shi ya sa agogon da ka yi makonni kana fita da shi waje ya fi wanda ka ɗaura yau sanin ka. Amma ita ma wannan lambar kintace ce aka ɗora wani kintacen a kanta, kuma a ƙarƙashinta akwai wani zaton na ƙololuwar bugun zuciyarka, wanda sau da yawa daga 220 ake cire shekarunka, alhali mutane masu shekaru ɗaya suna iya bambanta da bugu goma ko fiye sama ko ƙasa. Wanda ƙololuwarsa 200 ce aka ɗauka 185 ce, kullum agogo zai ga kamar yana gab da faɗuwa alhali shi hira ma yake yi.

Mu koma kan mutuminmu na biyu don ba a gama da shi ba. A cikin 252 ɗin nan akwai abin da zai ƙona ko da yana kwance a gado, mutum mai irin jikinsa yana cin wajen kalori 1,720 a rana ba tare da ya motsa ba, wato kusan 36 a rabin awa, kenan ribar motsa jikin ta gaskiya 216 ce. Wasu agogunan suna raba maka biyun, ribar su rubuta Active, jimlar kuma Total, wasu kuma jimla kawai suke nunawa, kuma wannan kaɗai yana sa agogo biyu su yi ta musu alhali ba abu ɗaya suke faɗa ba. To a ce ya ga 403 ya ce na samu sarari bari in ƙara abinci daidai wannan, ya ci rarar 187 kenan a kowane fita, in sau biyar yake fita a sati ya tara sama da 900, sai wata biyu su wuce sikeli bai motsa ba ya fara zargin jikinsa ko gadon gidansu. Akwai ma wani ƙarin da ba laifin agogo ba ne, wani babban nazari da ya fito a 2021 a kan mutane sama da 1,700 da aka auna da ruwa mai alama biyu ya nuna jiki yana rage kashewa ta wani gefen in motsi ya ƙaru, a matsakaici kusan kashi 28 cikin ɗari na abin da aka ƙona da motsi ba ya bayyana a jimlar rana. Wannan ko takunkumin rabin awa ba zai kama shi ba balle agogo.

Irin aikin da kake yi ma yana canza komai, kuma a nan in ka riƙe tambaya biyu za ka iya hango inda agogo zai karkata da kanka, shin hannuna yana motsi daidai da wahalar da jikina ke sha, kuma shin zuciyata don neman oksijin take bugawa ko don wani abu daban. Gudu a fili shi ne inda ya fi samun sauƙi, hannu yana lilo da tsari, zuciya tana bin aikin, GPS yana ba da sauri. Keke kuma hannu yana kafe a kan kan keken ƙafa ce ke aiki, na'urar da motsi kawai take ji sai ta ɗauka zaune kake, haka mai tura keken jariri ko mai riƙe ƙarfen injin gudu, ko mai hawa bene da kaya a baya, nauyin kayan nan agogo bai san da shi ba. Akasin haka kuma mai aikin hannu yana tsaye wuri ɗaya, yana wanki ko yana magana yana wurga hannu, sai a rubuta masa ladan da bai yi ba.

Ɗaga ƙarfe shi ne ya fi rikitarwa. In ka ɗaga abu mai nauyi ka riƙe numfashi ka matse ciki, zuciya tana tashi saboda hawan jini da matsin da ke cikin ƙirji, ba don tsoka tana shan oksijin daidai da wannan bugun ba, kenan bugu 140 a ƙarƙashin ƙarfe ba ɗaya ba ne da bugu 140 a guje. Ga shi kuma ka damƙe ƙarfe, tsintsiyar hannu ta lanƙwashe, tsoka ta kumbura ta ɗaga agogon daga fata, sai shi kansa bugun ya fara tsalle. Sai dai a nan in za a yi adalci shi ma takunkumin lab ba ya kama komai a take, domin aiki mai tsanani na 'yan daƙiƙu jiki yana yin sa ne da bashi, daga baya yake biyan oksijin ɗin, shi ya sa masu gwaji suke ci gaba da awo bayan an ajiye ƙarfen.

Zafi ma haka. Ka yi gudu da sauri ɗaya tsawon awa ɗaya cikin zafi, za ka ga bugun zuciya yana ta hawa a hankali ko da ba ka ƙara sauri ba, saboda ruwa ya ragu a jini kuma ana tura wani jinin zuwa fata don a sanyaya jiki, kowane bugu ya rage yawa sai adadin ya ƙaru, oksijin da kake sha bai ƙaru haka ba amma agogo ya ga bugu ya hau sai ya ƙara maka kalori. Zazzaɓi, tsoro, fushi, rashin barci duk suna iya yin irin wannan. Mai shan maganin da ke rage bugun zuciya, irin wanda ake ba wasu masu hawan jini ko ciwon zuciya, shi kuma tauye masa za a yi, yana aiki zuciya ta ƙi hawa.

Maganar launin fata tana yawan tasowa kuma tana da tushe, domin baƙar fata tana shanye koren haske fiye da fara, binciken Stanford ɗin ma ya ga kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata da masu jiki, ko da yake wani bincike na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai ƙarfi ta fuskar launi ba, shi motsi ne ya gani yana ƙara kuskure. Zanen tatu a wurin, sanyi da ke rage jini a fata, da sakin madauri duk suna ɓata karatun. Wannan ɓangaren dai shi ne mai sauƙin gyara, ka matsar da agogon sama da ƙashin tsintsiya kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ka ɗaure ya kama ba tare da ya shaƙe ba, ko ka haɗa shi da bel ɗin auna bugun zuciya da ake ɗaurawa a ƙirji. Amma ka tuna ko ka gyara bugun ya zama daidai ɗari bisa ɗari, tagwayenmu na sama har yanzu 403 za a ba su.

Wani abu da ke yaudarar mutane in suna karanta sakamakon gwaji shi ne kalmar matsakaici. A ce an gwada agogo a kan mutum biyu, ya ƙara wa ɗaya 150 ya rage wa ɗaya 150, in ka haɗa ka raba kuskurensa sifili ne, a takarda ya zama gwani, alhali babu wanda ya faɗa wa gaskiya a cikinsu. Shi ya sa in ka ga an ce na'ura kaza ta yi kusa da lab sai ka tambaya, a jimlar mutane ne ko a kan kowane mutum, don kai ba jimla ba ne. Haka ma lambar yini guda takan fi ta motsa jiki ɗaya kyan gani, ba don agogo ya ƙware ba sai don kaso mafi girma na abin da mutum ke ƙonawa a rana, wajen kashi 60 zuwa 70 ga mai yawan zama, na hutu ne, wanda daga nauyi da tsawo da shekaru ake lissafa shi ko babu agogo. Duk da haka wani bincike da aka yi a Japan ya fito a 2016, an gwada na'urori 12 a kan mutum 19, na hannu da na ƙugu da na aljihu, da aka kwatanta su da ruwa mai alama biyu na kwana 15 sai aka ga ƙasa suke bugawa, wadda ta fi nisa ta rage kusan kalori 590 a rana. Ka ga kenan ba kullum ƙari agogo yake yi ba, a zaman motsa jiki yana iya kumbura maka lamba, a jimlar rana kuma ya tauye, ko don sa'o'in da ka cire shi yana caji ko kana wanka, ko don ƙananan motsin da hannu bai nuna ba.

Ni dai ban jefar da nawa ba, amma na sauke shi daga matsayin alƙali. Inda yake da amfani shi ne kwatanta ni da ni, agogo ɗaya, hannu ɗaya, aiki iri ɗaya, in satin nan ya ce 2,000 wancan ya ce 1,200 to na yarda na fi motsi, ko da duka lambobin biyu sun kauce tunda galibi gefe ɗaya suka kauce. Da zarar na canza agogo, ko manhajar ta sabunta kanta, ko na koma daga gudu zuwa ɗaga ƙarfe, kwatancen ya rushe sai a fara sabo. Nauyin da ke rubuce a ciki ma a riƙa gyara shi, mutane suna rage kilo goma agogo yana nan yana lissafi da tsohon jiki.

In kana son ka gwada naka ba tare da lab ba akwai hanya biyu masu arha. Tafiya ko gudu a shimfiɗaɗɗen wuri lissafinsu sananne ne, gudu yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na jiki a kowace kilomita, kenan mai kilo 80 da ya yi kilomita biyar yana wajen 400, in agogo ya ce 650 ka san da sake, tafiya kuma ribarta ta yi kusan rabin haka. Ta biyu ga mai keken da ke auna wat na gaske, wato ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda, jikin mutum kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na makamashin da ya ƙona ne kawai ke isa feda, sauran zafi ne, saboda haka wat 150 na awa ɗaya aikin kilojul 540 ne, wanda ke nufin ka ƙona tsakanin kalori 520 da 650. Ranar da na yi gwajin agogo biyun nan da na faɗa a farko, matsakaicin wat ɗina 130 ne na minti arba'in, kilojul 312 kenan, wato kalori tsakanin 300 da 370, sai ga shi agogon da na raina saboda ya ba ni ƙaramar lamba shi ne ya fi kusa, wanda nake so in yarda da shi kuma ya ƙara min kusan rabi.